Lambar shiga saba ta ƙi karɓuwa bayan ɗauke wuta

Tambaya: "Sabarmu ta Linux a shagon rajista nan Gombe, tun da aka ɗauke wuta ta daina karɓar lambar shiga mai alƙaluma 6, wani sa'in kuma ta ce satifiket bai fara aiki ba. Me ya lalace?"

Malam, duba agogon na'urar tukuna. Lambar nan ta TOTP daga lokaci ake lissafa ta, tana sauyawa duk daƙiƙa 30. In agogon sabar ya ba na wayarka ratar minti 2, lambar da ka shigar daidai ce, amma sabar wata take jira. Satifiket shi ma yana ɗauke da ranar farawa da ta ƙarewa. In batirin agogon cikin na'urar ya mutu, bayan ɗauke wuta sai ta tashi da tsohon kwanan wata, ta ga satifiket kamar lokacinsa bai zo ba. Wannan batirin nake zargi, kuma bai da tsada.

Buga waɗannan don ganin halin da chrony, manhajar da ke daidaita agogon sabar, yake ciki:

```
chronyc tracking
chronyc sources -v
```

A ta farko, `System time` zai nuna yawan ratar, `Leap status` kuma ya kamata ya ce `Normal`. A ta biyu nemi layin da ya fara da `^*`, wato majiyar da agogon ke bi. In duka `^?` ne kuma `Reach` na kan 0, amsa ba ta isowa. Duba ko an toshe UDP 123, ƙofar da ake karɓo lokaci ta ita, ko DNS ya tsaya.

In majiya na amsawa amma ratar babba ce, chrony a hankali yake gyarawa. `sudo chronyc makestep` zai daidaita nan take, sai dai ka tsayar da rumbun bayanai kafin nan, don sauyawar lokaci farat ɗaya na iya rikita shi. Sannan ka sauya batirin, galibi CR2032 ne.