An ba ni kujerar shef, albashi bai motsa ba

Tambaya: "Ni magazinye ne a wani kamfani nan Yamai. Wata 7 ke nan da shef ɗinmu ya tafi aka ce in riƙe wurinsa, amma har yau jika 120 nake ɗauka. Yaya zan rubuta wa darakta?"

Ƙanena, na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, irin wasiƙarka da yawa sun bi ta hannuna. Wadda ta ce "a taimaka a ƙara mini, rayuwa ta yi tsada" cikin durowa take kwana, don kowa na iya rubuta haka. Kai abin da za ka nema shi ne a canza maka mataki.

Ɗauko takardar albashinka ka duba wurin da aka rubuta aikinka da matakinka. In har yanzu magazinye ne a wurin, to a idon kamfani ba ka hau ko'ina ba. Yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta jera ayyuka mataki-mataki, kuma aikin da mutum yake yi da hannunsa ake dubawa wajen ajiye shi. Saboda haka nemi shaida tukuna: takardar da ta naɗa ka, in babu ita, takardun fitar da kaya da ka sa wa hannu a matsayin shef. Duba kuma ko an rubuta riƙon ƙwarya. In shef ɗin zai dawo, kuɗin riƙo za ka nema. In ya tafi ke nan, nemi a tabbatar da kai.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, da Faransanci. Faɗi ranar da ka karɓi aikin, da abin da ya ƙaru a kanka, misali makullan magaza, lissafin kaya na ƙarshen wata, mutum 4 a ƙarƙashinka. Sannan ka roƙi a gyara kwantaragi a rubuce, gyaran ya fara daga waccan ranar. A ce matakin shef jika 160 ne: bambancin jika 40 sau 7, jika 280 kake bi. Kada ka ambaci albashin wani abokin aiki, kada ka yi barazanar ajiye aiki.

Yi kwafi biyu, sakatariya ta buga maka tambari da kwanan wata a naka.

Inda aka fi kayar da mutane shi ne darakta ya kira ka ya ce zai riƙa ba ka jika 25 a hannu. Kuɗin da bai hau takardar albashi ba, CNSS, hukumar da ke biyan fanshon ma'aikata, ba ta san da shi ba, ba zai shiga lissafin fansho ko na sallama ba, kuma ran da aka ga dama a yanke shi. Yi godiya, ka ce a sa a takarda.

In wata ɗaya ya wuce shiru, rubuta takardar tuni ka bi ta wakilin ma'aikata. Ofishin sufeton ƙwadago sai bayan wannan, ka je da kwafin nan mai tambari.