Takardar alminiyon a ƙarƙashin kwano: a manna ko a bar tazara?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Gusau, rufin kwano ne babu silin. Da azahar kwamfutocina sai su ɗau zafi su mutu da kansu. Kafinta ya ce in sayo takardar alminiyon mai ƙyalli ya manna ta a jikin kwanon. Hakan zai yi?

Amsa: Takardar za ta taimaka, amma kada ka bari ya manna ta. Kwano a ranar bazara yakan haura digiri 60, kuma yawancin zafin da ke sauko maka irin hucin nan ne da kake ji a fuska in ka tsaya nesa da garwashi. Alminiyon mai ƙyalli yana mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na wannan hucin, shi kansa kuma kaɗan yake fitarwa. Sai dai wannan aikin yana yiwuwa ne kawai idan fuskar mai ƙyalli tana kallon iska. Duk fuskar da ta taɓa kwano ta tashi daga aiki, domin alminiyon ƙarfe ne, zafi zai ratsa shi kai tsaye.

Tazarar da ake nema ba ta da yawa, santimita 2 zuwa 2.5 ta isa. Tunda rufinka a kafe yake, abin ya zo da sauƙi: a buga takardar a ƙarƙashin katakon da kwanon ke kai. Idan tubaitu ne, kaurinsa ya ba ka kusan santimita 5 ba tare da ka sayi komai ba. A ɗora bakin kowane falle a kan na kusa da shi da kamar santimita 15, a liƙe da salatif ɗin alminiyon, sannan a bar kafa ta ƙasan rufi da ta sama don iska mai zafi ta samu hanyar fita.

Idan fuska ɗaya ce ke ƙyalli, a juya ta ƙasa tana kallon ɗaki. Kafintoci da yawa za su yi maka gardama a nan, amma ƙurar hunturu a fuskar sama take kwanciya, kuma da ƙyallin ya dushe aikin ya ragu. Ta ƙasa kuwa tana nan fes, tana hana hucin sauka. In ka sa silin daga baya, shi ma kada ya taɓa ta.

Kafin a fara aiki a kashe wuta, a kuma janye wayoyin lantarki daga jikin takardar, don wutar lantarki tana bi ta jikinta. Bayan an gama, da misalin ƙarfe 2 na rana ka ɗaga tafin hannunka kusa da ita ba tare da ka taɓa ba, ka gwada da inda kwano yake tsirara. Idan bambancin a fili yake amma kwamfuta ɗaya ta ci gaba da mutuwa, a buɗe ta a share ƙurar da ta toshe fankarta.