Farashin takardar bashi ya faɗi, ribarta kuma ta hau: ina gaskiyar take?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi sukuk ɗin gwamnatin tarayya, yanzu dillalina ya ce farashinsa ya faɗi, amma wai ribarsa a kasuwa ta hau. Yaya abu zai yi araha kuma ribarsa ta ƙaru? Ko dai wasa yake mini da hankali?" Daga wata 'yar uwa a Daura.

Wa alaikumus salam Hajiya. Dillalinki bai yi miki ƙarya ba, kuma ni ma sai da abin ya taɓa aljihuna na gane shi.

A ƙarshen 2021 na sayi sukuk, wato takardar bashin gwamnati marar kuɗin ruwa, mai shekara 10 da ke biyan wajen kashi 13 cikin ɗari. Lokacin Babban Bankin Najeriya ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwansa a kashi 11.5. Kafin ƙarshen 2024 ma'aunin ya kai 27.5. A shekarar ne hidimar auren 'yata ta taso, na ce a sayar mini, sai aka taya kusan kashi uku cikin huɗu na abin da na zuba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kira dillalin na yi masa faɗa, daga baya na zauna da biro na ga ni ne ban fahimta ba.

Ki ɗauka kina da shago a Ƙofar Ƙaura da aka ƙulla hayarsa a kan N12,000 duk shekara, ba ƙari ba ragi. Wanda ya sayi shagon N100,000 yana samun kashi 12. Wanda ya saye shi N60,000, hayar nan ɗaya zai karɓa, amma a wurinsa kashi 20 ce. Hayar ba ta motsa ba, kuɗin saye ne ya sauka. Haka takardar bashi take, ko ta ruwa ce ko sukuk: abin da za a riƙa biya an rubuta shi tun ranar fitarwa. Saboda haka ribar da dillali yake cewa ta hau ba taki ba ce, ta wanda zai saya daga hannunki yau ce.

To me ke kayar da farashin? A ce takardarki ta N100,000 ce mai biyan kashi 12, sai Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da sabuwa mai biyan kashi 20. Babu mai hankalin da zai ba ki N100,000 ya karɓi N12,000 a shekara alhali ga inda zai samu N20,000. Dole ki rage masa har lissafinsa ya kai kashi 20.

Sai dai takarda ta bambanta da shago a wuri ɗaya, don ranar da wa'adinta ya cika gwamnati za ta mayar da uwar kuɗi N100,000 cif. Shi ya sa ba za ta faɗi har N60,000 ba. Idan saura shekara uku, ana biya sau ɗaya a shekara don sauƙin lissafi, farashin zai tsaya wajen N83,150. Mai saye zai karɓi N12,000 duk shekara, wato kashi 14.4 kacal na abin da ya biya. Sauran ribar tasa tana cikin N16,850 ɗin da zai samu a sama ranar da aka biya shi N100,000. Idan aka haɗa biyun ne ake samun kashi 20. Nan mutane da yawa suke ruɗewa, su raba kuɗin shekara da farashi kawai su ce dillali ya yi musu ƙarin gishiri.

Tsawon wa'adi shi ne abin da ya cije ni. Takardar nan dai, idan saura mata shekara ɗaya, farashinta N93,333. Idan saura shekara goma, wajen N66,460. Mai saye zai daɗe yana haƙuri da ƙaramin kaso, don haka ragin da yake nema ya fi yawa. Tawa kuwa saura mata shekara bakwai lokacin da na je sayarwa.

Idan iska ta juya, sabbin takardu suka koma biyan kashi 8, taki mai saura shekara uku za a neme ta a kan wajen N110,300, ribar mai saye kuma ta sauka.

Ni a ganina, in ba matsuwa kika yi ba, kada ki sayar. Faɗuwar tana kan allo ne kawai muddin kin riƙe takardar zuwa ranar cikar wa'adi, ko da yake tsadar kaya tana cin darajar kuɗin a ɓoye, wannan kuma wata magana ce. In kuwa dole ce, ki sa dillali ya rubuto miki farashin da aka taya a kan kowace naira ɗari, da ribar watannin da ta taru tun biyan ƙarshe, don haƙƙinki ce, sannan ya cire ladansa ki ga abin da zai shigo asusunki kafin ki ce a sallama. Ni dai rabi na sayar, ragowar tana nan sai 2031 in Allah ya kai mu.