Me ya sa Arduino ke ƙara wa batir ƙarfin da ba shi da shi?

Tambaya: Malam, ina auna batirin solar shagona a unguwar Zariya, nan Maradi, da Arduino Uno, ta rezisto biyu, kilo-om 30 da 7.5. Allo yana nuna bolt 13.3, maltimita kuwa 12.4. Wani mai gyara ya ce in rage 0.9 cikin lissafin. Ina tsoron batirin ya mutu ban sani ba.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, amma kada ka bi shawarar nan. Rezistocinka suna raba ƙarfin gida 5, don haka bolt 12.4 ya isa `A0` a matsayin 2.48. Abin da `analogRead()` ke bayarwa, daga 0 zuwa 1023, gwaji ne tsakanin wannan 2.48 da wutar da ke ciyar da Arduino ɗin kansa, wadda kowa ke rubutawa 5.0 ba tare da ya auna ba.

Nan ne kuskuren da nake gani kusan kullum. Cajar waya mai arha da doguwar igiyar USB ba kasafai suke kawo bolt 5 cif ba. Ɗora maltimita tsakanin `5V` da `GND`; bisa lambobinka, za ka ga wajen 4.65. Da wannan ma'auni, 2.48 yana ba da 546, kai kuma ka sa 5.0 a matsayin wutar Arduino cikin lissafin, ka sami 13.3. Sa 4.65, 12.4 zai fito:

```
float v = analogRead(A0) * 4.65 / 1024.0 * 5.0;
```

Rage 0.9 rufe ido ne kawai, domin kuskuren yana bin girman ƙarfin, kusan kashi 7.5 cikin 100, kuma ranar da ka canza caja shi ma ya canza. Haɗarin shi ne kuskuren yana zuwa ta wajen daɗi: batirin zai sauka zuwa 11.2 allo yana cewa 12.0, ka ci gaba da jan fanka da firiji dare bayan dare, alhali batirin dalma ba ya yafe irin wannan tatsa. Abin takaici, masu gyaran nan sukan ɓata yini suna gardamar 1023 ko 1024, bambancin da bai kai bolt 0.02 ba a nan, babu wanda ya ɗauki maltimita.

Gyara mai ɗorewa shi ne `analogReference(INTERNAL)`, ma'aunin cikin gida na bolt 1.1 wanda bai damu da caja ba. Sai dai ka sauya rezistocin zuwa kilo-om 100 da 6.8, yadda bolt 15 ma zai iso ƙasa da 1, in ba haka ba karatun zai maƙale a 1023. A lissafin kuma 1.1 zai maye gurbin 4.65, 15.7 ya maye gurbin 5.0 na rabon rezistocin. Wannan 1.1 ɗin yakan faɗa tsakanin 1.0 da 1.2 daga Arduino zuwa wani, saboda haka ka daidaita shi sau ɗaya da maltimita, ka kuma yar da karatun farko bayan sauya ma'aunin.