Tallan haɗin gwiwa da mai dekoreshan

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina abincin biki, wata mai dekoreshan ta ce mu riƙa haɗa talla a Instagram. Don Allah yaya ake yi, kuma akwai matsala?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sana'armu ɗaya, kuma na daɗe ina wannan haɗin a Kano. Yana kawo ciniki, domin wadda ta zo neman mai gyara mata wurin kamu ko dina, ita ce dai za ta nemi mai abinci.

Kada kowa ta ɗora nata daban. Wajen ɗora hoton ki shiga Tag people, ki danna Invite collaborator, ki zaɓi sunanta. Idan ta amsa, hoton zai fito a shafukanku biyu, masu bibiyarku duka su gani, sharhin mutane ya taru wuri ɗaya. Sai dai wadda ta ɗora ita ce mai shi, ran da ta goge ya ɓace a naki ma. Shi ya sa muke karɓa-karɓa, wannan bikin ni, na gaba ita.

Hoton kansa yana da wuyar samu. Ita tana gama aikinta wuri na nan tsaf, ke kuwa abinci sai dab da shigowar baƙi yake isowa. Da an buɗe ƙofa shi ke nan, kujeru sun karkace, an yamutsa fuskar shinkafa. Ki kai kula ɗaya da faranti biyu da wuri, a jera a teburin da ta fi ƙawatawa, a ɗauka. Ki nemi izinin amarya tukuna, kuma kada fuskar matan mutane ta fito.

Inda rigima take shi ne mutane na ɗauka ku kamfani ɗaya ne. Wata uwar amarya ta taɓa ganin tallanmu, ta yi ciniki da abokiyar aikina, a zatonta kuɗin har da abincin mutum 200. Sai ana saura kwana kaɗan ta kira tana tambayar kalar miyar da za a yi. Abin bai yi daɗi ba. Don haka layin farko na rubutun ya faɗi wa ta yi kwalliya, wa ta dafa, da lambar kowa. Kada ki yanke mata farashi, kada ta yanke miki, kuma kowa ta karɓi kafin alƙalaminta a asusunta. In akwai la'ada ko ragi ga wanda ya ɗauke ku tare, ku rubuta a WhatsApp tun kafin a fara.

Ki je ki ga aikinta da idonki a biki ɗaya ko biyu, musamman cika alkawarin lokaci, don in ta makara har ke za a zaga. Sannan duk wanda ya kira ki, ki tambaye shi a ina ya gan ki. Idan kakar biki ta wuce babu wanda ya ambaci shafinta, ki nemi wata.