Na ƙara rikol, firisishin ya faɗi: ɓarna na yi ko gyara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da sashen bincike na wata taska mai takardu 10,000. Na ƙara kalmomi masu ma'ana ɗaya, na kuma sauya `AND` zuwa `OR`. A wata tambayar gwaji `recall` ya tashi daga 0.4 zuwa 0.7, amma `precision` ya faɗo daga 0.8 zuwa 0.35. Ɓarna na yi ko gyara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da waɗannan alƙaluma kaɗai babu wanda zai iya yanke maka hukunci, domin ba ka faɗi takardu nawa injin yake fitarwa ba kafin canjin da bayansa. Kuma amsar tana nan ne.

```
precision = relevant retrieved / retrieved
recall    = relevant retrieved / relevant
```

Duba ka gani, abin da ke sama ɗaya ne a duka biyun, wato takardun da suka dace waɗanda aka kamo. Ƙasa ne suka raba hanya. Na rikol ba ya motsi, domin yawan takardun da suka dace ne a duk taskar. Na firisishin kuwa yana kumbura duk lokacin da ka fitar da ƙarin takarda, ta dace ko ba ta dace ba.

Bari mu ƙaddara misalin da zai yi daidai da alƙalumanka. A ce tambayar "ciwon suga" ce, kuma takardu 20 ne suka dace a duk taskar. Da farko injin ya fitar da 10, takwas sun dace: firisishin 0.8, rikol 0.4. Bayan canjin ya fitar da 40, 14 sun dace: firisishin 0.35, rikol 0.7. In ka sake masa linzami ya fitar da 200, wataƙila ka samu 18, rikol ya kai 0.9, firisishin ya koma 0.09. In kuwa ka zubo taskar baki ɗaya, rikol ya cika 1, firisishin 0.002.

Abin lura shi ne ribar kowane ƙari. Goman farko sun ba ka takwas. Talatin na gaba shida kacal suka ba ka. Ɗari da sittin da ke bayansu huɗu. Injin da ke aikinsa yana sa waɗanda ya fi amincewa da su a sama, saboda haka duk yadda ka gangara, masu kyau sai ƙara ƙaranci suke yi, kamar mai kalar gona bayan an kwashe girbi. Muddin sabon rukunin da ka ƙara bai kai tsarkin wanda ke hannunka ba, dole firisishin ya sauka. Rikol kuma ba ya taɓa raguwa don ka ƙara takardu. Wannan shi ne dukkan sirrin.

Canje-canjen biyu da ka yi ba hali ɗaya gare su ba, kuma da ni ne sai in auna su ɗaya bayan ɗaya. Haɗa "suga" da "sukari" zai kamo takardun da suka rubuta "ciwon sukari", kuma galibinsu masu dacewa ne. Amma `OR` yana nufin kalma ɗaya ta isa, sai ka ga bayanin ciwon kai da na masana'antar suga sun cika jerin. Yana yiwuwa ƙarin shidan nan daga kalmomin suka zo, tarkace 24 ɗin kuma daga `OR`. Buɗe sababbin talatin ɗin ka duba wace kalma ce ta shigo da kowace. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi duk wani hasashe da za mu yi maka a nan.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Sauya wurin da kake yanke jeri daban ne da gyara jerin kansa. In ka matsar da mayankar daga 10 zuwa 40, musaya kawai ka yi, injin bai ƙara basira ba. Gyara na gaskiya shi ne masu dacewa su hau sama. A ce ka bar matakin farko, irin su BM25, ya kwaso 40 ɗin nan, sannan mataki na biyu ya sake jera su har 12 daga cikin 14 suka shigo 15 na sama. Firisishin 12 bisa 15 ne, 0.8 kamar da, rikol kuma 0.6. Ka ga an samu riba ba tare da an biya komai ba. Shi ya sa in zan kwatanta injina biyu nake yanke su a wuri ɗaya: `P@10` da `P@10`, wato firisishin na goman sama, `R@40` da `R@40`, wato rikol na arba'in ɗin sama. In `P@10` ɗinka yana nan a 0.8 bayan canjin, mai bincike bai yi asarar komai ba a shafin farko, mai son tono kuma ya samu ƙari. In ya faɗi, to tarkace sun haura sama, sai ka rage nauyin kalmomin da ka ƙara, ko ka wajabta wani adadi na kalmomin tambayar ya bayyana, abin da `minimum_should_match` ke yi a Elasticsearch.

Akwai wani tarkon da na sha gani a wannan aiki. Jerin takardun da aka yi wa hukunci, yawanci daga sakamakon tsohon injin aka tsamo shi. Sabon injin ya kamo takardar da ta dace amma babu wanda ya taɓa duba ta, sai lissafi ya ɗauke ta a matsayin kuskure. Firisishin ya faɗi a kan takarda alhali injin gaba ya ci. Kafin ka yarda da 0.35 ɗin nan, ƙirga nawa ne cikin 40 ba a yi musu hukunci ba. A gwajin TREC, wanda hukumar NIST ta Amurka ta fara a 1992, ana haɗa sakamakon sama na injina da yawa ne a ba masu hukunci, don kada ma'aunin ya karkata ga inji guda. Kai ma ka yi ƙaramin irinsa: haɗa na tsoho da na sabo, a yi musu hukunci ba tare da an san wanda ya kawo wace ba.

Shi kuma 20 ɗin da ke ƙasan rikol, shi na fi zargi. Firisishin ido na ganinsa, amma abin da bai fito ba, ba ka san yana nan ba. A binciken Blair da Maron na 1985, lauyoyi sun yi amfani da tsarin STAIRS a kan takardu kusan 40,000, suna ganin sun kamo aƙalla kashi 75 cikin ɗari na masu dacewa. Da aka auna, kusan kashi 20 ne, duk da firisishin ɗinsu ya doshi kashi 80. Tsarkin abin da suka gani ne ya sa suka zaci sun gama. In masu dacewa a taskarka 35 ne ba 20 ba, rikol ɗinka 0.4 ne, ba 0.7 ba.

Batun wanne za ka fifita, masu amfani da taskar ne za su raba gardama. Wanda ke neman amsa ɗaya cikin hanzari ba zai wuce shafin farko ba, shi tsarkin goman sama ya dame shi. Lauya ko likitan da ke tattara duk binciken da aka yi a kan wani magani zai haƙura da tarkace 182 don kada takarda ɗaya ta kuɓuce masa. Ban cika dogara da F1, ma'aunin da ke haɗa firisishin da rikol, a nan ba, domin yana ba su nauyi ɗaya: a misalinka zai ce 0.53 ya koma 0.47, alhali a wajen lauyan ci gaba ne.

Kuma kada ka yanke hukunci da tambaya ɗaya. Tara tambayoyi kamar 50 daga cikin waɗanda mutane ke rubutawa da gaske, ka fitar da `P@10` da `R@40` na kowace kafin canji da bayansa, sannan ka turo mana goman da suka fi faɗuwa mu duba su tare.