Wane sauti zan sa a ƙarƙashin bidiyon wa'azi?

“Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yanka gajerun bidiyo na karatun malaminmu a nan Idi-Araba. In na sa kiɗa a ƙasa a ce haramun ne, in na bar shi haka kuma ya yi salam. Me zan sa?”

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina wannan aiki a Agege, kuma na sha faɗa a kansa.

Hukunci dai na malamai ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, sun sassauta a kan ganga mai fuska ɗaya a biki da ranar idi, Ibn Hazm kuwa ya halatta. A gida ma ka san 'yan Ƙadiriyya na buga bandiri, wasu kuma ko kusa ba sa zuwa. To a Legas duk waɗannan mutane a sahu ɗaya suke salla, su ne kuma masu kallonka. Ni nakan zaɓi abin da wanda ya fi kowa tsanani zai iya kallo har ƙarshe, don wanda ya halatta kiɗa ba zai rufe bidiyo saboda babu kiɗa ba.

Wani azumi na haɗa bidiyon rabon abincin buɗa-baki, na ɗauko wani sauti da aka rubuta wa “vocals only”, wato murya zalla. Da baki aka yi shi kam, amma an kwaikwayi bugun ganga, an tattara muryoyi an sarrafa su har suka koma kamar fiyano. Bayan tarawi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, “Yaro, ganga ka sa wa Malam?” Na ce Baba ai baki ne. Ya ce, “Kunnena bai ga baki ba.” Da gaskiyarsa, mai kallo ba ya ganin rubutun da ka gani. Tun ranar nake gwaji ɗaya: in kunna wa wanda bai san inda na samo ba, in tambaye shi me ya ji. In ya ce kiɗa, na cire. In kuma na kama kaina ina kaɗa ƙafa, ba sai na tambayi kowa ba.

Kada kuma ka gudu daga kiɗa ka sa karatun Alƙur'ani a ƙarƙashin magana. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta shi a saurara a yi shiru, ga shi ka ɗora murya a kansa. In kana son aya, ba ta wurinta ita kaɗai a farko, ta ƙare, sannan malam ya fara. Waƙar bege mai baiti ma ba ta zama a ƙarƙashin wa'azi, kunne ba ya bin magana biyu.

Ga yadda na sake wancan bidiyon. Washegari na koma harabar masallacin kafin magariba, na naɗi minti biyu na sautin wurin da waya: ƙarar kwanuka, hayaniyar yara daga nesa, takun silifa. Sai da na roƙi a kashe janareto na ɗan lokaci, domin gurnaninsa in ya shiga ba ya fita da daɗi, kuma na yanke duk inda hon ɗin danfo ya faɗo. A CapCut na bar muryar malam a 100, na sauke wannan sautin zuwa 10, na sa masa Fade in da Fade out na daƙiƙa biyu. Inda malam ya yi shiru ana nuna hotuna, na ɗaga shi zuwa 30. Ba wanda ya ƙara magana, kuma YouTube ba ta da abin kamawa na haƙƙin mallaka, alhali nashidodin da ake kwasowa yawancinsu suna da masu su.

Mutane na son sautin ruwan sama, amma ka yi hattara. A lasifikar ƙaramar waya nauyin sautin na ɓacewa, sai ya rage shuuu kamar ana suyar ƙosai. Kukan tsuntsaye ya fi, sai dai in gajere ne kana maimaita shi, kunne zai gane tsuntsu ɗaya ke dawowa. Saboda haka kafin ka saki bidiyo ka cire abin kunne, ka saurara ta bakin wayar a waje cikin hayaniya, yadda mutanenmu na kasuwar Mile 12 za su ji shi. In kalma ɗaya ta malam ta ɓace maka, ƙara rage na ƙasan.

Sau da yawa ma salam ɗin da kake ji daga nisan waya yake zuwa. Sayi ƙaramin makirfon maƙalawa a riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya daga bakin malam, ka sake saurara kafin ka nemi abin sawa a ƙasa.